Km ba rabin Vmax ba ne

A zanen da ke nuna saurin aikin enzyme, wato v, a layin tsaye, inda Vmax shi ne saurin ƙoli, wani zai iya cewa:

"Lanƙwasar ta miƙe a 80, to Vmax 80 ne, Km kuma 40."

Da alamar gaskiya, tunda rabin Vmax na cikin ma'anar Km. Amma Km adadin [S] ne, wato yawan sinadarin da enzyme ke aiki a kansa, da ke ba da rabin saurin ƙoli, don haka a layin kwance ake karanta shi, da mM.

Miƙewar ma yaudarar ido ce. Idan Vmax 100 ne, Km kuma 2 mM, saurin 80 yana zuwa a 8 mM. Ko a 20 mM bai wuce 91 ba.

Shi ya sa ake zana 1/v da 1/[S]. Layin zai yanki na tsaye a 0.01, wato 1/Vmax, ya yanki na kwance a −0.5, wato −1/Km. Sai dai a kula, ƙaramin kuskure a ƙananan [S] kan karkatar da layin sosai.