Yarinyar da ta ci 104 bisa 100

A makarantarmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, malamin lissafi. Ya fara koyarwa tun ban shiga firamare ba, kuma shi ya koyar da mataimakin shugaban makarantar. Ni kuwa jami'in jarrabawa ne, wato duk makin da malamai suka bayar ta hannuna yake bi kafin ya hau katin sakamako. To a ƙarshen zangon karatu na biyu ina tattara takardun aji biyu na ƙaramar sakandare, sai na ga wata yarinya ta ci 104 bisa 100 a lissafi. Na goge ido na sake dubawa, 104 dai.

Na kai wa shugaban makaranta. Ya duba, ya ga sa hannun Baba a ƙasa, ya miƙo mini takardar kamar ta ƙona shi. Ya ce, "Ai aikin ofishinka ne. Ka yi masa magana, amma da hikima." Kowa ya iya faɗin "da hikima", tunda ba shi zai je ba.

Na tuna wata bita da aka taɓa yi mana, inda aka ce idan za ka yi wa mutum gyara ka fara da yabo, ka cusa gyaran a tsakiya, ka rufe da yabo. Na sami Baba a gindin dalbejiya. Na ce rubutunsa a kan allo babu irinsa, yara na ƙaunarsa. Sannan na sassauta murya na ce akwai 'yan wurare a takardar maki da za a iya ɗan sake leƙawa in an sami sarari. Na rufe da cewa mu yara muna koyi da shi. Baba ya kama hannuna ya yi ta sa mini albarka. Washegari na ji yana ba da labari a ɗakin malamai cewa jami'in jarrabawa da kansa ya zo ya yaba masa aiki. Yabon ya karɓa hannu bibbiyu, gyaran kuwa ko ƙamshinsa bai ji ba. Gaskiya ba laifinsa ba ne: ban ambaci aji ba, ban ambaci lamba ba, kuma "in an sami sarari" a wurin malami lokacin makin jarrabawa daidai yake da "kada ka yi".

Da na ga lokaci na ƙurewa, sai na ce bari a fito a mutum. Nan ɗakin malamai, ana tsaka da cin ɗanwake, na ce, "Baba, me ya sa kullum makinka ba ya daidaituwa?" Cokula suka tsaya. Baba ya cire tabarau, ya naɗe shi a hankali, ya ce, "Kullum?" Daga nan ba a sake zancen 104 ba. Aka koma zancen shekarun da ya yi yana aiki, da ɗalibansa da suka zama injiniyoyi, da ranar da ni ma na ɓatar da takardun aji uku a cikin adaidaita. Ya rufe da maganar da ake danganta wa Imamu Shafi'i, cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa nasiha a keɓe ya yi masa nasiha, wanda ya yi masa a bainar jama'a kuwa ya tozarta shi. Malamin addini ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗanwakensa.

Kalmar "kullum" ita ta ba shi makami, domin da ya kawo rana ɗaya da makinsa ya daidaita ya ci shari'a, kuma yana da irin waɗannan ranaku na shekaru. "Me ya sa" kuma tambayar alƙali ce, duk wanda aka jefa wa ita kare kansa zai yi. Ga 'yan kallo kuma. Dattijo ba zai ce "na yi kuskure" a gaban yaran da ya girme wa iyayensu ba, ko da kuskuren na tsaye a gabansa yana ɗaga masa hannu.

Na bari ya huce. Bayan an tashi yara, an yi la'asar, na same shi na ba shi haƙuri kan abin da ya faru. Na ce, "Baba, akwai wata takarda da nake so mu duba tare, minti goma. Yanzu ya yi maka, ko gobe da safe?" Ya ce yanzu. Na ɗauko kujera na zauna a gefensa, ba a gabansa ba, don idanunmu su faɗa kan takarda maimakon kan juna. A wannan bitar an koya mana wani tsari na cibiyar Center for Creative Leadership ta Amurka, wanda na raina a lokacin: ka faɗi wurin da abin ya faru, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka faɗi abin da ya haifar, kada ka taɓa halin mutum. Na sa yatsa na ce, "Aji biyu, wannan layin. Gwaji 38, jarrabawa 66, jimla 104. Katin sakamako ba ya wuce 100, shi ya sa na kasa shigar da ajin gaba ɗaya. Yaya kake ganin abin?"

Sai na yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi komai wuya. Bakina yana ƙaiƙayi in ce "ai ba wani abu ba ne", na dinga ƙirga kusoshin silin.

Baba ya duba, ya ce, "Lissafin daidai ne, 38 da 66 ai 104 ne." Na ce haka ne. Ya sake shiru. Can ya ce, "Ɗana, jarrabawar nan bisa nawa ake yin ta yanzu?" Na ce bisa 60, gwaji bisa 40, tun farkon zangon nan. Ya ce, "Innalillahi." Ashe gwajin ya yi shi bisa 40 saboda fom ɗin da aka raba a buge yake da haka, jarrabawa kuwa ya tsara ta bisa 70 yadda ya saba tun ana 30 da 70. Sanarwar canjin a zauren WhatsApp na malamai aka sa ta, Baba kuwa wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila. Da na ci gaba da "me ya sa", har yau da ina zaton dattijon ya manta da tarawa ne.

Da bakinsa ya kawo maganin, kafin in buɗe nawa: a ninka makin jarrabawa da 6, a raba da 7. Yarinyar 66 ɗinta ya koma 57, jimla 95. Inda abin ya yi zafi shi ne wani yaro mai 15 a gwaji da 28 a jarrabawa. A da 43 ne, ya tsallake makin wucewa na 40. Yanzu 28 ya koma 24, jimla 39. Baba ya daɗe yana kallon layin, ya ce a kawo masa takardar amsar yaron ya sake dubawa. Muka zauna har magariba muna gyara ajujuwa uku, shi yana yi da ka, ni ina binsa da kalkuleta a baya, kuma yana riga ni.

Abin da ba mu sani ba, yarinyar ta riga ta leƙa makinta a teburin Baba ta kai labari gida. Ranar raba kati sai ga mahaifinta da babbar riga, yana neman wanda ya cinye wa 'yarsa maki tara. Shugaban makaranta ya tuna yana da taro a sakatariya. Baba ya nuna ni da tabarau ya ce, "Alhaji, ga jami'in jarrabawa nan, yaro ne mai iya magana." Na ɗauko kujera zan zauna a gefen Alhaji, ya ce, "A'a, Malam, zauna nan gabana inda zan ga idonka."