Ɗan uwa mai yawan roƙo a WhatsApp, larura ce ko matsi?

Maganar nan da ake yawan yi wai duk ɗan uwan da ya cika turo maka “yaya a taimaka” a WhatsApp ya maida ka saniyar tatsa, ni ban yarda da ita ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa ke cikin daɗi? Mai hawan jini ko ciwon suga duk wata sai ya sayi magani, wanda ya baro gonarsa a Batsari ko Jibiya ya dawo cikin gari yana haya duk wata sai ya nemi na hatsi, to irin wannan dole ya maimaita roƙo don larurar tasa ita ma maimaituwa take. Yawan roƙon kaɗai ba ya nuna komi. Abin da nake dubawa shi ne yadda mutum ke yi idan ka yi mashi tambaya.

Mai larura ta gaskiya in ka ce mi ya faru, nawa ne, ina za a biya, amsa yake ba ka har da ƙari, wani sa'in kafin ka rufe baki ya turo hoton takardar likita. In ka ce dubu 3 gare ka cikin dubu 10 ɗin da ya nema zai ce turo Allah ya saka, sauran ya nema wani wuri. Mai matsi kuwa tambayar ce ke ɓata mashi rai, nan take zancen ya bar kan magani ya koma kanka. Au yanzu ni za ka tuhuma, ba komi duniya ce, da Baba na da rai da ba haka ba. Sai dogon saƙon murya, sai kira a jere, sai ka ga sitatus a kan 'yan uwan zamani da ba su san zumunci ba, kuma ka san da kai ake. Kuɗin kullum yanzu-yanzu ake son su, kuma “kar ka faɗa ma Inna”. Wannan sirrin ni shi ya fi tsaya mani a rai, don sau da yawa in ka bincika saƙon nan ɗaya ya je ma mutum uku ko huɗu a gidan, kowa an ce mashi kar ya faɗa ma kowa.

Amma fa ba kasafai ake samun su a rabe tsaf haka ba, yawanci gaskiyar da matsin a cikin saƙo ɗaya suke zuwa. Wani abokina malamin firamare a Daura, ɗan baffansa ya turo mashi da dare cewa mai ɗakinsa ba lafiya jininta ya hau, ana neman dubu 15 kafin safe. Watan bai ma yi nisa ba kuma ya riga ya tura mashi sau biyu. Bai ce a'a ba, bai kuma tura ba, kira ya yi. Wannan ma ku riƙe shi, ana sace WhatsApp ɗin mutane a bi 'yan uwansu da roƙo, in ba ka ji murya ba kar ka tura ko sisi, balle in sunan da ya fito a asusun ba nashi ba ne. Abokin nawa ya ce a ba shi mai jikin ya gaishe ta, aka ba shi, lallai ba ta da lafiya. Sai ya ce ɗauki hoton takardar maganin ka turo mani, ka je kemis ɗin ka ba mai shagon waya in tura mashi kai tsaye. Nan aka fara ai ba sai an yi haka ba, ai kamar ba ka yarda da ni ba. Ya ce na yarda da kai, haka dai nake yi ma kowa yanzu. Da aka je kemis magani ya kama 6,500. Sauran 8,500 ɗin daga baya ta fito zubin adashi ne ya taso shi gaba.

Kun ga bai yi ƙarya a kan ciwon ba, ya dai goya ma ciwon wata buƙata don ya san in ya ce adashi ba za a ba shi ba. Da abokin nawa ya yi fushi ya rufe waya da mara lafiya ta kwana ba magani, da kuma ya tura 15 ɗin da ya koya mashi cewa kalmar asibiti ita ce makulli. Abin da ya yi daga baya shi ya fi burge ni, ya hau sama cikin hirar tasu yana haɗa kowane saƙo da tarihin turansifa ɗinsa, sai ya ga abu ɗaya ne ke dawowa da gaske, maganin nan. Sauran kullum sabon labari, yau mashin ya lalace gobe waya ta faɗa ruwa. Sai ya ɗauki maganin a kansa, duk ƙarshen wata yana biya a kemis, ya kuma faɗa mashi a fili cewa wannan ne iyakar ƙarfina, in wani abu babba ya taso za mu zauna da sauran 'yan uwa a haɗa.

Masu cewa ai addini bai yarda ka binciki mai roƙo ba, su koma hadisin Ƙabisa a Sahihu Muslim. Mutum uku Annabi (SAW) ya ce roƙo ya halatta gare su, wanda ya ɗauki nauyin biyan wata dukiya don sulhunta mutane, da wanda masifa ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali cikin mutanensa suka shaida. Ka ga ashe jin ta bakin wasu ba cin fuska ba ne. A Risala ma da muka karanta a zaure, ciyarwar da ta zama dole a kan namiji ita ce ta matarsa da ƙananan ɗiyansa da iyayensa in matalauta ne. Ɗan uwa kuma kyautata mashi lada biyu ne, na sadaka da na zumunci, amma ba a ce ka kwashe kuɗin cefanen gidanka don an turo maka hoton fuska mai hawaye ba.

Iyakar dabarar nan ita ce ba kowa ake ce ma turo risit ba. Gwaggonka ko ƙanen mahaifinka in ka ce mashi haka ka ja ma kanka magana har jikoki. Irin su sai dai ka tashi ka je da kanka gaisuwa, idonka zai gane maka ko an ɗora tukunya, ko ka aika da tiya biyar ta gero ko masara maimakon kuɗi, musamman tsakiyar damina wajen Yuli da Agusta da rumbu ya yi ƙasa. Wanda yunwa ta dama zai yi murna da hatsi, in kuwa aka ce da dai kuɗin ka turo to ka samu amsarka ba tare da ka yi tambaya ba.

Sannan ka riga mai matsin zuwa wurin Inna. Mai matsi in ya ga ƙofa ta rufe ƙara yake kaiwa, kuma labarin da zai kai shi ne ka samu duniya ka guji dangi. Tun kafin nan ka zauna da ita ka faɗa mata abin da kake biya duk wata da abin da ka ce ba za ka iya ba, ba sai ka tona mashi asirin adashi ba. In ya zo da kukan ita da kanta za ta tambaye shi ina maganin da ake saya ma matarsa.