"Ki daure, kamawa yake yi"

Kwana tara ke nan ban iya ɗaura ɗankwali yadda na saba ba. Bayan kunnuwana duk ɓawo, ƙeyata kuwa sai jiya ta daina tsatsar ruwa. Abin da ya jawo min wannan wahala bai wuce 'yar furfurar da ta leƙo a gaban goshina ba, na ce bari in je shagon gyaran gashi a rufe min ita da baƙin rini. Ba rinin nake jin haushi ba, sinadari ne, aikinsa ya yi. Haushina yana kan mai gyaran gashin da na ce mata kaina yana ci da wuta, ta dube ni ta ce, "Anti ki daure, kamawa yake yi."

Ba a fi minti biyar da shafa min ba na fara jin ɗan tsikari, irin wanda na taɓa ji a baya, ban damu ba. Kafin minti goma abin ya koma raɗaɗi sosai, musamman a tsakar kai da layin ƙeya inda na sosa kwana biyu kafin nan. Na yi magana. Aka ce in daure. Na sake magana, sai ta ɗauko hular leda ta kifa min, ta tura ni ƙarƙashin injin busar da gashi wai don ya yi saurin kamawa a wanke. Na zauna ina matse haƙori, hawaye na taruwa, ina jin kunyar a ce babba da ni na cika raki. Sai da aka cika minti talatin da biyar cif sannan aka kai ni wurin wanki. Laifina a nan shi ne kunya, na amince. Amma ni ban san komai game da abin da ke cikin kwanon nan ba, ita kuwa sana'arta ke nan.

Ƙarya ce tsagwaronta a ce zafi alamar kamawa ce. Rini a jikin silin gashi yake aiki, kuma silin gashi ba shi da jijiyar da zai ji zafi. Duk raɗaɗin da mutum ya ji, fatarsa ce ke ƙonewa. Rinin da ba ya fita da wanki haɗi biyu ne: man launin, wanda yawanci akwai amoniya a ciki don ta buɗe silin gashi, da farin ruwan da ake gauraya shi da shi, wato haidirojin feroksaid, wanda aka fi sani da haidirojin. Wanda ake wanke ciwo da shi kashi 3 ne cikin ɗari. Na rini kuwa, kwalbar da aka rubuta wa 20 kashi 6 ce, mai 30 kashi 9, mai 40 kashi 12. Lafiyayyar fata takan jure mai rauninsu na ɗan lokaci, ta ɗan yi tsikari ya lafa. Amma fatar da aka sosa, ko wadda ba ta warke daga man miƙar da gashi ba, ko mai ƙuraje, ƙofa ce a buɗe. In aka ƙara da leda da zafin inji, an ƙara wa sinadarin ƙarfi ne, an kuma hana zafin fita. Wato daidai lokacin da ya kamata a cire min wutar, aka ƙara mata iska.

Abin da ya kamata ta yi ba shi da wuya ko kaɗan. Tsikarin da ya tsaya wuri ɗaya ya lafa cikin 'yan mintoci ana iya sa masa ido. Amma da zarar ya zama raɗaɗi mai ƙaruwa, ko ƙaiƙayi mai tsanani, ko fatar goshi da kunne ta yi ja ta fara tashi, an gama rini. A kai mutum wurin ruwa nan take, ko da rabin kai kawai aka shafa. Ruwa mai gudu, ba mai zafi ba, a bar shi yana kwarara kan fatar kamar minti ashirin, an karkatar da kai baya don kada ya gangaro ido. A wanke ragowar da sabulun gashi mara ƙarfi, da tafin yatsa, ba da farce ba. A cire tawul ko rigar da rinin ya jiƙa. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa aƙalla minti goma sha biyar, sannan a tafi asibiti. Ba a shafa wani mai don ya "kashe zafin" alhali rinin yana kai, danne shi kawai ake yi a kan fata. Launi in ya lalace ana gyarawa. Ƙuna mai zurfi kuwa takan bar tabo, inda tabo ya zauna kuma gashi ba ya sake fitowa.

To, da a ce ƙunar ce kaɗai, da na haɗiye fushina. Na koma gida da kai yana zogi, na ce zuwa safe zai wuce. Washegari da daddare ƙaiƙayi ya taso min, irin wanda za ki ji kamar ki sa cokali ki kankare fatar. Kwana na biyu na farka idona na hagu ba ya buɗuwa, goshina ya yi suntum, kunnuwana sun yi kauri sun yi ja, matashin kaina ya jiƙe da wani ruwa-ruwa mai ɗan rawaya. Ƙanwata da ta shigo ɗakin sai da ta ja da baya, ta ce, "Yaya, wa ya dake ki? Tashi mu tafi asibiti."

Likitan da ya duba ni bai tambaye ni abin da na ci ba. Ya ɗaga gashin ƙeyata, ya dubi layin da jan ya bi daga goshi zuwa bayan kunne, ya ce, "Hajiya, yaushe kika yi rini?" Shi ya fahimtar da ni cewa abu biyu ne suka haɗu a kaina. Na farko ƙunar sinadari, wadda ke iya samun kowa, kuma a kan kujera ake jin ta. Na biyu shi ne jikina ya ƙi wani sinadari da ake kira PPD, wanda ke cikin yawancin rini mai duhu, baƙi da ruwan ƙasa. Shi wannan ba ya gaggawa. Yakan ɗauki sa'o'i, kwana ɗaya, har kwana uku kafin ya nuna kansa, shi ya sa mutane da yawa ba sa alaƙanta kumburin da rinin. Kumburin kuma yakan gangaro daga fatar kai ya taru a fatar ido, domin ita ce mafi laushi.

Na ce masa ai na shekara shida ina rini ban taɓa ganin haka ba. Ya ce wannan ba hujja ba ce. Jiki yakan yi shekaru yana haɗuwa da PPD shiru, rana ɗaya ya ɗauke shi abokin gaba, kuma daga ranar ba ya mantawa. Kowane karo na gaba yakan fi na baya muni. Ya tambaye ni ko an taɓa yi min zane da baƙin lalle wurin ya yi ƙaiƙayi ko ya tashi. An taɓa, bara, a bayan hannu. Ashe lalle na asali ja-ja yake bayarwa, wanda ke yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci sau da yawa PPD aka zuba masa, kuma ta nan mutane da dama ke ɗaukar wannan matsala. Wannan tambaya ɗaya, da mai gyaran gashin ta yi min ita, da ban kwana da kumburarriyar fuska ba. Kuma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin rinin, tare da gargaɗin a gwada ɗan kaɗan a fata a jira sa'a 48, da gargaɗin a wanke nan take in an ji ƙuna. Takardar da na ga ta dunƙule ta jefa kwandon shara ba ta ko buɗe ba.

An ba ni man shafawa mai sitiroyid, da ƙwayoyin rage ƙaiƙayi, da wasu ƙwayoyin sitiroyid na 'yan kwanaki saboda kumburin fuskar ya yi yawa. An ce in dawo maza in na ga mugunya, ko zazzaɓi, ko jan yana yaɗuwa yana zafi, domin fatar da ta buɗe ƙwayoyin cuta na iya shiga. An kuma ce in na warke in je wurin likitan fata a yi min gwajin da ake manna sinadarai a baya, a tabbatar da abin da jikina ya ƙi. Kada in kuskura in gwada rinin a bayan kunne da kaina, wannan gwajin na wanda bai taɓa samun matsala ba ne. Ko kwalin da aka rubuta babu PPD a ciki ba abin sakin jiki ba ne, don akwai ɗan'uwansa PTD da ake sa wa a madadinsa, kuma da yawa daga waɗanda jikinsu ya ƙi na farkon yakan ƙi na biyun.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wanda bai same ni ba. Akwai nau'in da ba ya jiran kwana biyu, cikin mintoci yake zuwa: borin jini ya feso a jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, murya ta canza, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, jiri ya ɗebi mutum. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. Wannan ba na a wanke a zauna a gani ba ne, ba na ƙwayar ƙaiƙayi ba ne. A kira motar gaggawa ko a ruga sashen gaggawa nan take, allurar adirenalin ce maganinsa. Ina zaune a gaban likitan ina tunanin, da wannan ne ya same ni a ƙarƙashin injin nan, da leda a kaina, me za a ce min? In daure?

Shekaranjiya na koma shagon, ba don faɗa ba, don in karɓi kwalin abin da aka shafa min in kai wa likitan fata. Na cire mayafina na nuna mata ƙeyata. Ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce, "Ayya Anti, ai jininki ne ba ya so. Mutum nawa muka yi wa ba abin da ya same su." Na ce na ji, jinina ne. Bakina da ya ce miki yana ƙuna har sau biyu fa, shi ma jinina ne? Ba ta amsa ba. Kwalin ma an ce an zubar, ba ta kuma tuna wace kwalbar haidirojin ta haɗa da shi ba, mai 20 ce ko mai 30.

Ina juyawa zan fita na hangi wata yarinya a kujerar da na zauna, kai shafe da baƙin rini, tana ta fifita goshinta da hannu tana cije leɓe. Na tsaya na ce, "Ƙanwata, zafi kike ji?" Ta ɗaga kai alamar e, ta saci kallon mai shagon. Na ajiye jakata na kama hannunta, na ja ta wurin wanki na buɗe famfon da kaina.