Wasiƙar uba ba bara ba ce

Makon jiya wani maƙwabcina a Yamai ya nuna mini wasiƙar da ya kai wa kwantabul na wata jami'a mai zaman kanta, inda ɗiyarsa take shekara ta uku, ta ƙarshe a lisansi. Mutumin fiton kaya yake yi tsakanin Kwatano da Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sana'ar ta durƙushe, ya yi ta cin ajiya har ta ƙare.

Bai yi kuka a wasiƙar ba. Ya ce: “Ranka ya daɗe, kuɗin bana jika 450 ne. Ga jika 150 a hannu, daga filin da na sayar. Sauran zan riƙa kawo jika 50 ranar 5 ga kowane wata, daga Nuwamba zuwa Afrilu.” Ya haɗa da rasit na shekaru biyun da suka wuce, ya sa sunan ƙaninsa ma'aikacin gwamnati a matsayin mai tsaya masa. Amsar da aka rubuta da jan biro a gefen takardar layi ɗaya ce: a cika kuɗi kafin jarrabawar zangon farko.

Abin da ya fi ba ni haushi masu kare kwantabul ɗin ne. Wai makaranta ba gidan sadaka ba ce. Wa ya nemi sadaka? Ko dala ɗaya bai ce a rage masa ba. Lokaci ya roƙa, ya kuma faɗi ranaku, ya kawo wanda za a kama in ya saɓa. Ko a Babbar Kasuwa, wanda ya shekara biyu yana biyanka lakadan, in ya zo da irin wannan magana, buhun shinkafa kake ɗora masa.

Su kuma masu cewa ya mai da ɗiyar Jami'ar Abdou Moumouni ta gwamnati, sai ka ce canza taksi ne. Da wace takardar maki za ta je? Makarantar da ke binka bashi ba za ta sake ta ba.

A yi lissafin ma da idon ɗan kasuwa. Albashin malamai wata-wata ake biya, to jika 50 duk wata me ta rage? In aka kori yarinyar, kujerarta wayam za ta zauna har ƙarshen shekara, jika 300 sun tafi. Kuma makaranta ce ke riƙe da wuƙa da nama, tunda difloma na hannunta, babu uban da zai gudu ya bar ta.

Ya kamata ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tilasta wa waɗannan makarantu rubuta tsarin biya kashi-kashi, a liƙa shi a ƙofar ofishin kuɗi, a daina barin abin ga fuskar da kwantabul ya tashi da ita. Maƙwabcin nawa dai ya sake rubuta wata wasiƙar, wannan karon zuwa ga mai makarantar, babur ɗinsa kuma yana wajen dillali.