Muryar Na'ura a Bidiyon Hausa: Kunne Ne Zai Yi Hukunci Kafin a Wallafa

A 'yan shekarun nan bidiyoyin Hausa da muryar na'ura ke karanta bayaninsu sun yawaita, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai shirya bidiyo yana zuba rubutu a manhaja, cikin ɗan lokaci ya sami murya ba tare da ya nemi mai karatu ko ɗaki marar hayaniya ba. Ban ga laifin neman sauƙi ba. Sai dai ra'ayina shi ne, duk bidiyon da zai sa mutum ya sha magani, ko ya kashe kuɗi, ko ya ɗauki wani hukunci na addini, mutum ya kamata ya karanta shi, kuma inda aka ga dole a yi amfani da na'ura, kada a saki ko daƙiƙa ɗaya sai Bahaushen da bai ga rubutun ba ya saurara.

Tushen matsalar yana cikin rubutun boko kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana ɗauke da sautin sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, sannan wasali yana iya zama dogo ko gajere, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bahaushe yana ganin "gari" ya san ko birni ake nufi ko garin tuwo, yana ganin "wuya" ya san ko ta jiki ce ko wahala, saboda ma'anar jimlar tana cikin kansa. Na'ura kuwa haruffa take gani, sai ta yi kirdado daga abin da aka horar da ita a kai. Abin da aka horar da ita a kai ma ba shi da faɗi. Tsarin muryar na'ura mai suna MMS da kamfanin Meta ya fitar a 2023, wanda ya haɗa da Hausa cikin harsuna fiye da 1,100, an gina shi ne mafi yawa a kan karatun Sabon Alkawari, haka nan tarin muryoyin BibleTTS na 2022 daga karatun Littafi Mai Tsarki aka samo shi. Muryar da ta koyi Hausa daga karatun nassi ba ta saba da sunayen magunguna ko farashin taki ba, kuma salonta na karatu ne a natse, wanda ya bambanta da yadda ma'aikaciyar lafiya take yi wa uwa bayani.

Bari mu ɗauki misalin gajeren bidiyo a kan gudawar yara, inda aka rubuta cewa: "Yaro ya sha rabin kofi na ruwan gishiri da sukari bayan kowane zawo." Kalmar "ya" a nan umarni ce, don haka gajeruwa ce mai sautin ƙasa. Idan na'ura ta ja wasalin ta ɗaga shi sama, jimlar ta koma labari, wato yaro ya riga ya sha, uwar da ke sauraro kuma ba ta ji an umarce ta da komai ba. Babu harafi ɗaya da ya canza a rubuce, shi ya sa mai duba rubutu da ido ba zai taɓa kama wannan kuskuren ba. A cikin bidiyon dai za a iya cin karo da "kashi 50 cikin 100", inda jan wasalin farko da sauya karin sauti kan mai da lissafi ya zama bayan gida, kuma idan mai buga rubutun ya manta ƙugiyar "ƙashi", to kalma uku masu ma'ana daban sun zama abu ɗaya a idon na'ura. Sai kuma lambobi: "kwana 10-14" na shan sinadarin zinki yana iya fitowa a matsayin goma da sha huɗu a jere ba tare da "zuwa" ba, ko a tsallake shi gaba ɗaya, ko a karanta shi da Turanci.

Mafi yawan waɗannan ana gyara su ne tun a rubutu. A sake gina jimlar yadda karin sauti ba zai zama shi kaɗai ke ɗauke da ma'ana ba, kamar a ce "A riƙa ba yaro rabin kofi bayan kowane zawo", domin "a riƙa" ba ta da wata fuska sai ta umarni. A rubuta lambobi da kalmomi, a warware duk wata taƙaitawa, musamman irin SAW da ke bin sunan Manzon Allah, wadda bai halatta a bar na'ura ta karanta ta kamar kalma ba. A tabbatar ɓ da ɗ da ƙ suna nan da ƙugiyarsu. Idan masu sauraro a Maraɗi ko Damagaram suke, a tuna cewa da dala ake lissafin kuɗi a can, kowace dala tana daidai da sefa 5, don haka sefa 500 "dala ɗari" ce a bakin mutane, abin da babu na'urar da za ta sani sai an rubuta mata.

Bayan haka ne gwajin gaskiya yake zuwa. A ba wa mutum biyu ko uku da ba su ga rubutun ba su saurara a lasifikar ƙaramar waya, tunda a nan ne yawancin jama'a za su ji shi, sannan kowa ya faɗi abin da aka ce ya yi. Wanda ya rubuta bayanin ba ya cikin masu gwaji, saboda kunnensa yana cike giɓin da abin da ya riga ya sani. Duk inda mai sauraro ya nemi a maimaita, ko ya yi dariya a wurin da ba na dariya ba, a rubuta daƙiƙar. A kula da ƙarshen tambaya, ko muryar ta ɗaga kamar yadda Bahaushe ke yi, a kula da doguwar jimla, ko sautin yana gangarowa a hankali har ƙarshe ko yana tafiya a shimfiɗe, a kuma kula da inda take tsayawa, domin tsayawa tsakanin "kada" da aikatau yana iya sa a ji haramci kamar izini.

Masu goyon bayan na'ura suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Sanarwar da ke canzawa kullum, kamar hasashen yanayi, ba za a iya kiran mai karatu kowace safiya dominta ba, kuma muryar na'ura tana da amfani wajen auna tsawon bayani kafin a haɗa hotuna. Haka nan mutum ma yana kuskure, don wanda ba shi da sabo da karatun boko yakan yi tuntuɓe a waɗannan kalmomin, saboda haka gwajin sauraro ya hau kansa shi ma. Bambancin shi ne idan ka ce masa umarni ne, zai gyara nan take, kuma ba zai sake ba a sauran shafin. Idan aka haɗa lokacin sake gina jimloli, da sake fitar da murya, da sake saurare, bidiyo mai minti uku yakan fi saurin kammaluwa da mai karatu ɗaya, da waya a nisan taƙi ɗaya daga bakinsa, a ɗaki mai labule da katifa, bayan an kashe fanka da janareta.