Yarinya ta ci jarrabawar katikizim, kun kayar da ita a wajen tela

Tun ranar Lahadi nake ta haɗiye maganar nan amma ta ƙi wucewa, to bari in faɗa kowa ya huta. Waɗanda muke coci ɗaya kun san abin da ya faru da yarinyar nan 'yar marigayi, ba sai na kira suna ba. Wata takwas tana zuwa ajin katikizim duk Asabar da yamma, da ruwan sama da hunturu ba ta fashi, ranar gwaji katikis ya tambaye ta Dokoki Goma ta kawo su tsaf, ya ce ta yi Ubanmu da A gaishe ki Maryamu ta yi, ya ce mene ne bambancin gurasar da Fada ya tsarkake da burodin mai shayi ta ba shi amsa har ya gyaɗa kai. Ta je ta furta zunubanta na farko ranar Jumma'a tare da sauran yara. Sai ranar Asabar da dare wai kwamitin iyaye suka aika wa uwarta cewa yarinyar ta dakata da karɓar tarayya ta farko sai baɗi, don ba ta biya kuɗin anko ba.

Sannunku da aiki kwamiti. Ashe yanzu tela ne ke tantance wanda ya isa karɓar Jikin Yesu, mu ba mu sani ba.

Ga lissafin da aka ba kowace uwa a takarda, ina da tawa don ɗana ma yana cikin ajin. Farin yadi wanda dole a wajen mutum ɗaya za a saya naira 9,000, ɗinki a wajen telan da kwamiti ya zaɓa 6,000, mayafi da kambin furanni na 'yan mata 4,000, farin takalmi da safa 7,000, kyandir da carbi 2,500, hoto 3,000, sai gudummawar shinkafa da lemo 5,000. Ku tara da kanku, 36,500 kenan. Matar nan ƙosai take soyawa a bakin titi, yara huɗu mijin ya bar mata. Ta kawo 10,000 ta ce a yi haƙuri, akwai farar rigar da yayar yarinyar ta sa shekara uku da suka wuce, ta wanke ta da bula ta goge. Aka ce a'a, wai ɗinkin ba iri ɗaya ba ne, zai ɓata hoto. Zai ɓata hoto fa jama'a!

Ni dai ku nuna min inda aka rubuta anko a dokar Ikilisiya. Littafin dokar da muke bi tun 1983 yana nan, ba ɓoye shi aka yi ba. Doka ta 913 da ta 914 abin da suka nema shi ne yaro ya kai hankali, a shirya shi da kyau ya fahimci abin da zai karɓa gwargwadon ƙwaƙwalwarsa, ya fara furta zunubi kafin nan. Ta 919 ta ce ya kame baki awa ɗaya kafin ya karɓa, ban da ruwa da magani. Babu yadi a ciki, babu kambin furanni. Tun 1910 Paparoma Pius na goma ya sauko da shekarun zuwa wajen bakwai, don ya ga ana ta ja wa yara rai har su girma ba su matso kusa da bagade ba, abin da ya nema kawai yaro ya iya bambance wannan gurasa da gurasar gida. Wancan ya buɗe ƙofa, ku kuma kun zo bayan shekara ɗari da ɗoriya kun sa mata kwaɗo kun miƙa wa tela makulli.

Kuma akwai doka ta 848 da ta faɗa ƙarara cewa kada a hana mabukaci sakramenti saboda talauci. Wannan ma Fada aka yi wa gargaɗin, balle ku da babu wanda ya naɗa ku, a wasaf kuka zaɓi junanku.

Na san abin da za a ce. Wai ai farin kaya yana da ma'ana. Eh yana da ita, yana tuna mana farin mayafin baftisma, to rigar yayarta baƙa ce? Wai ai tsari ne, in kowa ya sa abin da ya ga dama wurin zai zama kasuwa. Wallahi kasuwar ita ce wadda kuka buɗe, tunda yadin da ake samu a ƙasa da haka in mutum ya shiga kasuwa da ƙafarsa ku kuka ce sai a hannun ƙanwar shugabar kwamiti. Wai ai an sanar tun watan Janairu, me ya hana ta tari. Tari da me, da kuɗin makaranta ko da na haya? Ku bar ni don Allah.

Abin da ya fi ci min rai ma maganar uwar baftisma ce. Wata ta ce min ai laifin uwar ne da ba ta nemo wa yarinyar mai tsaya mata mai kuɗi ba. Na farko dai karɓar tarayya ta farko ba ta bukatar wani mai tsayawa sam, a baftisma da ƙarfafawa ake neman sa. A can ɗin ma sharaɗin shi ne ya kai shekara 16, ɗan Katolika ne da ya karɓi ƙarfafawa yana kuma karɓar tarayya, rayuwarsa ta dace, kuma ba uba ko uwar yaron ba. An ma fi so wanda ya riƙe yaro a baftisma shi ya sake dafa kafaɗarsa ranar da Bishof zai shafa masa mai a goshi. Mu kuwa mun mai da abin neman mai gida, a je a samo wani mai mota daga Abuja wanda bai san ajin da yaron yake ba, ya turo kuɗin kaya ya zo ya yi hoto, ba a ƙara ganinsa sai ranar aure. Tsohuwar da ta riƙe yarinyar nan a baftisma kuwa ita ke rako ta aji duk Asabar tana dogara sanda, ita ta koya mata jan carbi. Ba ta da 36,500, shi kenan sai ta zama ba komai ba?

Ranar Lahadin ina kallon yarinyar a benci na baya, ta sa farar rigar nan duk da haka. Da yara suka yi layi sai na ga ta haɗa tafin hannunta yadda aka koya musu, na hagu a kan na dama, tana zaune a wurinta. Ɗana yana cikin layin da sabon takalminsa da ke matsa masa ƙafa, ni kuwa na kasa ɗaga waya in ɗauke shi. Na biya kuɗin nan ban ce uffan ba, da ni aka yi, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Na samu Fada bayan an tashi, ashe bai ma san an cire sunanta ba, takardar da aka miƙa masa ita ya bi. Ya ce ta zo Lahadi mai zuwa da rigar da take da ita. Iyaye don Allah in an ce muku ɗanku ba zai karɓa ba, ku tambaya wa ya faɗa, in ba Fada ko katikis ba ne ku wuce kai tsaye gidan Fada da katin baftisman yaron a hannu.

Af, tunda an zo maganar hoto, shi mai hoton nan da kuka ɗauko wa ya ba shi izinin hawa har gefen bagade yana ce wa yara su ɗago haɓa? Har yau Laraba ko guda ɗaya bai turo ba, an kira shi wai wayarsa ta faɗa ruwa.