Wasa na rarrafe, mai shago na cewa a ƙara RAM

Ranar Asabar na raka ƙanena wani shagon kwamfuta a Sabon Gari, inda aka sayar masa da laftof da rantsuwar cewa "i7 ce, babu wasan da ba za ta ɗauka ba". Stellaris yake bugawa, wasan gina daula a tsakanin taurari. Wasan yana farawa a shekarar 2200 yana gudu lafiya lau, amma da an doshi 2400 sai kwanan watan da ke saman allo ya koma rarrafe. Ya bayyana wa mai shagon haka cikin ladabi. Mutumin ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba.

"Ƙara RAM, yaro."

Na ce, "Alhaji, 16GB ne a ciki, ko rabi ba a cinye ba."

Sai a lokacin ya jawo na'urar, ya buɗe Task Manager, ya dangwala yatsa a allo. "Malam, ka iya karatu? Kashi 20 furosesa ke aiki. Lafiyarta ƙalau. In wasan yara ya dame ku, ku je ku nemi sana'a." Yaran shago suka kwashe da dariya. Shekara da shekaru haka ake yi mana, a karɓe kuɗinka, a jahilce ka, sannan a bi ka da gatse!

Wannan kashi 20 ɗin da yake tinƙaho da shi, shi ne shaidar ciwon. Furosesar i7-8550U ce, Task Manager na nuna mata hannu takwas, wato layukan aiki takwas da take iya gudanarwa a lokaci guda. Raba 100 gida takwas, kowane hannu kashi 12.5 ke nan. Idan hannu ɗaya ya cika maƙil sauran suna ɗan taɓa aiki, jimilla ba za ta wuce kashi 20 zuwa 25 ba, alhali wasan ya shaƙe. Mai son gani da idonsa ya danna Ctrl+Shift+Esc, ya shiga Performance, ya zaɓi CPU, ya danna dama a kan zanen, ya bi Change graph to zuwa Logical processors, zai ga aikin kowane hannu daban. Wani lokaci Windows kan riƙa cilla aikin daga hannu zuwa hannu har zanen ya yi kamar an raba daidai, don haka a ƙara da gwaji na biyu: a rage ingancin hoto zuwa ƙasa tak. Idan kwanan wata bai ƙara sauri ba, katin hoto ba shi da laifi.

Dalilin a fili yake. Yayin da kwanan watan cikin wasa ke tafiya sai an riƙa lissafa jama'a, ayyukansu, hanyoyin jiragen yaƙi da shawarar kowace daula. Bayan shekara 200 duk sun ninninka. Kuma yawancin lissafin jere yake, na biyu na jiran sakamakon na farko, kamar layin famfo ɗaya: ko jarka ɗari aka kawo, bakin famfon bai ƙaru ba. A ce aikin wata guda na cin daƙiƙa 10 a hannu ɗaya, 5 daga ciki ba sa rabuwa. Da hannu huɗu zai koma 6.25. Da hannu 16 zai tsaya wajen 5.3. Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka tun 1967. Abin da ke taimako shi ne saurin hannu ɗaya da girman L3 cache, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa. Waccan i7 ɗin 8MB gare ta, Ryzen 7 5800X3D kuwa 96MB, shi ya sa masu irin wannan wasa suka yi rububinta.

Harafin U da ke ƙarshen i7-8550U ma ba ado ba ne, na masu tsimin wuta ne, wat 15. A takarda tana kai 4.0GHz, amma a zafin Afrilu na Zariya, da ƙurar hunturu toshe a fanka, sai ta rage gudu don kada ta ƙone. A share fanka, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, a jona caja. A sabon wasa a zaɓi taurari 400 maimakon 1000, a rage Habitable Worlds, wato duniyoyin da ake iya zama a cikinsu, da yawan dauloli.

To a jona caja a ina? Wutar da ake kawowa tsakar dare a ɗauke kafin asuba? A kan batir kuwa furosesa sake ja da baya take yi. Gwamnati ta bar Naira ta zube har sabuwar furosesa ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci, ta bar ƙasar ta zama jujin tsofaffin laftof ɗin ofisoshin Turai. Babu mai tilasta wa ɗan kasuwa ya rubuta cikakkiyar lambar furosesa da shekararta a rasit, babu inda ɗalibin Samaru zai kai kuka a saurare shi. Mu ma da namu laifin, muna ganin sitikar i7 sai mu zaro kuɗi ba tambaya. Kafin mu bar shagon, a gabanmu ya ɗauko irinta ya miƙa wa wani yaro yana cewa, "Wannan ai jirgi ce."